Lemon kwalba, lemon da aka matse, ko lemon zaƙi da tukarsa: wanne ya fi wa haƙori da jiki?

Da yawa daga cikin waɗanda likita ya ce su rage lemon kwalba ba sa komawa ruwa. Lemon kwali suke komawa, mai hoton mangwaro ko abarba a jiki, ko kuma su sayi abin matse lemon zaƙi su ajiye a kicin, hankalinsu ya kwanta cewa sun bar cuta sun kama lafiya. Iyaye ma haka suke yi da abin da suke saka wa yara a jakar makaranta. Ni dai a ganina, idan ana maganar ƙiba da haƙori, ruwan 'ya'yan itace ya fi kusa da lemon kwalba a kan kusancinsa da ɗan itacen da aka matso shi daga ciki. Amma maganar tana da lunguna, domin abin da ke ƙara ƙiba daban ne da abin da ke cin haƙori, kuma akwai inda shi kansa ɗan itacen yake da laifi.

Mu ɗauki misalin wani tela da ke zaune a kan keke tun safe har magariba. Kullum bayan azahar yana aika yaron shago ya sayo masa lemon kwalba mai sanyi na rabin lita, ya ajiye kusa da ƙafar keke, yana ɗinki yana kurɓa har la'asar. Tumbi ya fara fitowa, haƙoransa na gaba kuma suna yi masa zugi idan ya sha ruwan sanyi. Zaɓi uku ne a gabansa: ya ci gaba da kwalbarsa, ya koma wajen mai matse lemon zaƙi da ke bakin titi, ko ya riƙa sayen lemon zaƙi guda biyu ya ci.

Yawancin lemon kwalba mai gas da aka zaƙaƙa da sukari zalla yana ɗauke da giram 10 zuwa 11 na sukari a kowane mililita 100. Ke nan rabin litar telan nan tana da giram 53 ko kusa da haka. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar giram 4, don haka cokali goma sha uku yake sha tsakanin azahar da la'asar. A wata guda ya sha fiye da kilo ɗaya da rabi, a shekara kuwa kusan kilo 19. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato kimanin giram 50 ga babba, in da hali ma a sauko zuwa giram 25. Kwalba ɗaya ta cinye masa rabon yini gaba ɗaya, ba a ma zo kan shayin safe da kunun dare ba.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba a wannan jagora shi ne, ta saka zuma da ruwan 'ya'yan itace a rukuni ɗaya da sukarin kwali, ko da ba a ƙara wa ruwan komai ba. Sukarin da ke cikin ɗan itacen da ba a matse ba kuwa, ba ta lissafa shi a ciki ba. To, idan telanmu ya koma wajen mai matsewa, rabin litar ruwan lemon zaƙi tsantsa tana da giram 42 zuwa 45 na sukari. Ya ragu, amma kaɗan. Ta fuskar kalori ma, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, babu ragi ko kaɗan: kwalbar tana da kusan 210, ruwan lemon kuwa yana kai 220. Kafin a cika wannan rabin lita sai an matse lemo shida, wani lokaci bakwai ko takwas idan ƙanana ne. Wa zai zauna ya ci lemo bakwai bayan ya ci abincin rana? Amma shanye ruwansu ba ya ɗaukar minti biyar.

Lemon zaƙi matsakaici guda ɗaya yana da sukari kimanin giram 12, kalori kusan 60, da harza giram 3. Harza ita ce wannan zare-zare da fatar ciki da ke rabe ɓangarorin lemo, abin da ke zama tuka idan an tsotse ruwan. Idan telan ya ci guda biyu, ya samu giram 24 na sukari da kalori 120, sukarin bai kai rabin abin da yake samu a da ba, kalorin kuma ya ɗan wuce rabi, kuma cikinsa zai san an ci wani abu.

Me ya sa abin sha ba ya ƙosarwa

Nan ne gaskiyar bambancin take, ba a yawan sukarin kaɗai ba. Jikin mutum yana da hanyoyin lissafa abin da aka ci: tauna, tsawon lokacin da aka ɗauka ana ci, buɗewar tumbi, da jinkirin da abinci ke yi kafin ya wuce hanji. Abin sha yana zille wa yawancin waɗannan. Ba a tauna shi, yana wucewa cikin daƙiƙoƙi, kuma ba ya daɗewa a ciki. Sai mutum ya sha kalori 200 amma idan tuwon dare ya zo ya ci yadda ya saba, bai rage ko loma ɗaya ba.

An gwada wannan tun da daɗewa. A 1977 wasu likitoci a Bristol ta Ingila suka ba mutane goma ɗan itacen tufa ta siga uku, kuma yawan sukarin iri ɗaya ne: wata rana tufa ɗanya, wata rana markaɗaɗɗiya, wata rana ruwanta da aka tace. Ruwan an shanye shi da saurin da ya ninka na cin tufar sau goma sha ɗaya. Shi ne ya fi ƙarancin ƙosarwa, shi ne kuma ya fi tayar da insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don sauke sukarin jini, har daga baya sukarin jinin ya faɗi ƙasa da inda ya taso, irin faɗuwar da ke sa mutum ya sake jin yunwa. Markaɗaɗɗiyar ta tsaya a tsakiya. Daga baya a 2009 aka yi makamancin gwajin a jami'ar jihar Pennsylvania ta Amurka, aka ga waɗanda suka ci tufa kafin abincin rana jimillar abin da suka ci ta ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari. Wani abin lura a wannan gwaji shi ne, an mayar da harza cikin ruwan tufar don a ga ko zai ƙosar kamar ita, bai yi ba. Ashe ba harzar ce kaɗai ke aiki ba, taunar ma tana da nata rabon.

Wani gwajin da nake son ambata an yi shi ne a jami'ar Purdue, aka wallafa a 2000. An ba mutane ƙarin kalori 450 a kullum har mako huɗu, zagaye ɗaya a matsayin alewa, zagaye ɗaya a matsayin lemon kwalba. Lokacin alewar, mutanen da kansu suka rage sauran abincinsu ba tare da an ce musu komai ba. Lokacin lemon ba su rage ba, nauyinsu ya ƙaru. Alewa fa ba abincin kirki ba ce, amma ko ita jiki ya lissafa ta, lemon kuwa ya wuce kamar ba a sha ba.

Sai dai kada mu yi wa telan alkawarin ƙarya. Akwai lissafin da ake yawan yi cewa kilo ɗaya na kitsen jiki daidai yake da kalori 7,700, don haka wanda ya bar kalori 210 a kullum zai zubar da kilo goma a shekara. A takarda haka ne, a jiki ba haka ba ne. Idan nauyi ya fara sauka, jiki yana rage abin da yake ƙonawa, yunwa kuma tana ɗan ƙaruwa, sai saukar ta yi ta raguwa har ta tsaya. Gwaji mafi tsafta da aka yi a kan yara ya nuna girman abin da ya kamata a sa rai. A ƙasar Holan an raba yara 641 gida biyu, kowane yaro yana shan gwangwani ɗaya na mililita 250 a rana, rabi mai sukari, rabi marar sukari, kuma yaran ba su san wanne suke sha ba. Bayan wata 18, a sakamakon da aka wallafa a 2012, masu shan mai sukarin sun fi sauran ƙara nauyi da kusan kilo ɗaya. Kilo ɗaya kamar ba komai ba ne, amma daga ƙaramin gwangwani ɗaya tak ya fito, kuma shekaru suna taruwa. Telan da ke shan ninki biyu na wannan yana iya sa ran kilo kaɗan su sauka a hankali, ko aƙalla tumbin ya daina gaba.

Ciwon sukari ma ya bi wannan sawu. Binciken da masanan Harvard suka wallafa a 2013, bayan bin diddigin mutum sama da 180,000 na shekaru masu yawa, ya nuna masu yawan cin 'ya'yan itace ɗanye, musamman tufa da inabi, sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon sukari na manya, masu yawan shan ruwan 'ya'yan itace kuwa haɗarinsu ya ɗan fi. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa abu kaza ne ya jawo kaza, domin mai cin 'ya'yan itace sau da yawa yana da wasu halaye masu kyau. Amma akwai hujjar da kowane mai ciwon sukari da ke allurar insulin ya sani: idan sukarinsa ya faɗi, jiki na rawa, gumi na keto masa, abin da ake cewa ya sha nan take shi ne rabin kofi na ruwan lemo ko lemon kwalba. Ana zaɓar su ne saboda saurin da suke shiga jini. Abin da ke zama magani a wannan minti, shi ne matsalarsa a sauran kwanaki.

Kada a ce na daidaita su ta kowace fuska. Ruwan lemon da aka matse yana da bitamin C da fotasiyam da folet, lemon kwalba ba shi da komai sai sukari da kala da gas. Ga marar lafiyan da ba ya iya tauna, ko tsohon da haƙora suka ƙare masa, ƙaramin kofi na ruwan lemo abu ne mai amfani. Amma mai lafiya ba ya bukatar rabin lita don bitamin. Lemo ɗaya ya kusa biya masa bukatar yini, gwaiba ɗaya ma ta wuce, don bitamin C ɗinta ya ninka na lemon zaƙi kusan sau huɗu, ga ta da harza mai yawa, ga araha idan lokacinta ya yi.

Haƙori ba ya ƙirga cokali, lokaci yake ƙirgawa

A nan lissafin ya canza gaba ɗaya. Haƙori yana lalacewa ta hanya biyu, kuma ya kamata a rarrabe su don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce ruɓewa, wadda ke kai wa ga kogo, abin da mutanenmu ke kira tsutsar haƙori. Babu tsutsa a ciki. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙori, suna cin sukari suna fitar da asid. Ana auna tsami da ma'aunin pH, inda 7 ke nufin babu tsami, kuma duk yadda lambar ta sauka tsamin ya ƙaru. Farin ɓawon haƙori yana fara narkewa idan pH ya sauka ƙasa da kimanin 5.5. Wani likitan haƙori Ba'amurke, Robert Stephan, ya nuna a shekarun 1940 cewa da zarar sukari ya shiga baki, cikin 'yan mintuna tsamin dauɗar nan yake sauka ƙasa da wannan iyaka, sannan yawu ya ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin ya dawo da shi daidai. A wannan hutu ne yawu ke mayar wa haƙori ma'adinan da ya rasa. Muddin ana samun hutun, gyara yana rinjayar ɓarna.

Yanzu mu koma kan telan. Da a ce ya shanye kwalbarsa cikin minti goma tare da abincin rana, haƙoransa za su zauna cikin tsami na kusan minti arba'in zuwa awa ɗaya, shi ke nan. Amma shi yana kurɓa duk bayan minti goma ko sha biyar har tsawon awa biyu. Kowace kurɓa tana mayar da agogon farko. Yawu bai gama gyaran kurɓar baya ba wata ta zo, sai haƙoran su yi kusan awa uku a jere suna narkewa. Sukarin giram 53 ne a duka halin biyu, ɓarnar kuwa ba ɗaya ba ce. Wannan darasi an same shi ta mummunar hanya a asibitin Vipeholm da ke Suwidin, daga 1945 zuwa farkon shekarun 1950, inda aka riƙa ba masu taɓin ƙwaƙwalwa kayan zaƙi ba da yardarsu ba don a ga yadda haƙoransu za su yi. Aikin zalunci ne wanda yau ba za a yarda da shi ba. Abin da ya fito daga ciki shi ne, sukarin da aka ci tare da abinci bai ƙara ruɓewa sosai ba, amma alewa mai danƙo da ake ci tsakanin abinci da abinci ta yi wa haƙora kaca-kaca.

Hanya ta biyu ita ce zaizaya, kuma ita ba ta bukatar ƙwayar cuta ko sukari. Tsamin da ke cikin abin shan ne da kansa ke cin haƙori kai tsaye. Baƙin lemon kwalba pH ɗinsa kusan 2.5 ne. Ruwan lemon zaƙi yana tsakanin 3.5 da 4. Zoɓo da ruwan tsamiya da lemon tsami duk suna can ƙasa sosai da 5.5. Wanda ya taɓa shan ɗanyen mangwaro ko tsamiya har ya ji haƙoransa sun mutu ya ɗanɗana farkon wannan aiki: saman haƙorin ne ya yi laushi. Shi ya sa lemon da aka rubuta ba shi da sukari yake taimaka wa mai son rage ƙiba amma bai kuɓutar da haƙori ba, don tsamin yana nan daram. Shi ya sa kuma idan telan ya koma ruwan lemon da aka matse amma bai bar ɗabi'ar kurɓa ba, haƙoransa ba su ci ribar komai ba. Ga sukarin da ƙwayoyin cuta ke so, ga tsamin da ke zaizaya.

Ana iya gane wacce ce ke damun mutum. Ruɓewa tana farawa da farin tabo marar ƙyalli kamar alli, galibi a gindin haƙori kusa da dasashi, ko a ramukan turame, ko tsakanin haƙora biyu. A wannan mataki ana iya tsayar da ita da man goge baki mai fulorayid da rage zaƙi. Idan ta koma ruwan ƙasa ta buɗe rami, sai likitan haƙori ya cike, babu abin da zai mayar da ita. Zaizaya kuwa ba ta yin rami da farko. Haƙoran gaba ne suke yin sumul, bakinsu ya yi siriri har haske na ratsawa, launinsu ya koma rawaya domin farin ɓawon ya yi ƙaranci har na ƙarƙashinsa ya bayyana, sai kuma zugi idan sanyi ko zaƙi ya taɓa. Zugin da telanmu ke ji a haƙoran gaba ya fi kama da wannan. Ɓawon da ya tafi ba ya dawowa.

Kuskuren da masu tsafta suka fi yi shi ne su ruga su goge baki da zarar sun gama shan abu mai tsami. A lokacin saman haƙori yana da laushi, buroshi ko aswaki sai ya kankare shi. Abin da ya dace shi ne a kurkure baki da ruwa, a jira aƙalla rabin awa. Idan an zo gogewa da man da ke da fulorayid, a tofar da kumfar kawai, kada a bi da kurkura mai yawa, don a bar maganin ya zauna a kan haƙori.

Inda ɗan itacen ma ke da laifi

Ɗan itacen da aka tauna ya fi sauƙi ga haƙori saboda tauna tana kwararo da yawu, kuma ana gamawa cikin 'yan mintuna. Amma mu duba yadda muke yi da lemon zaƙi a nan. Mai lemo zai feƙe bawon da reza ko wuƙa, ya yanke kan, mu kafa baki muna matsawa muna tsotsa, idan ruwan ya ƙare mu jefar da sauran. Wannan ba cin lemo ba ne, matsewa ce da hannu. Harzar da muke ta yabo tana cikin abin da aka jefa wa akuya. Ga shi kuma haƙoran gaba suna nutse cikin tsami duk tsawon tsotsar. Wanda ke tsotse lemo huɗu ko biyar kullum ta wannan hanya kusan kofin ruwan lemo ya sha, sai dai a hankali. Idan telan zai zaɓi lemo biyu, to ya ce a yanka masa gida huɗu-huɗu, ya cinye naman ciki har da fatar da ke rabe shi. Rake ma labarinsa ɗaya, ruwan zaƙi ake haɗiya a tofar da tuka, kuma ana daɗewa ana yi.

Dabino da sauran busassun 'ya'yan itace suna da nasu hukuncin. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, kuma yana maƙalewa a turame. Uku a buɗa baki a bi da ruwa ba matsala ba ne. Leda guda a aljihu ana jefa ɗaya-ɗaya a baki tun safe har yamma, wannan ya koma irin kurɓar telan. Su ma ɗanyun ba ɗaya suke ba: kankana tana da kimanin giram 6 na sukari a giram 100, gwanda 8, gwaiba 9, ayaba 12, mangwaro 14. Mai ciwon sukari da ya zauna gaban kwandon mangwaro a lokacinsa ya shanye shida, kada ya ce ai ɗan itace ne.

Markaɗe a bilenda ba tare da tacewa ba yana tsakiya, kamar yadda gwajin Bristol ya nuna. Harza tana nan, tauna ta tafi. Ya fi tataccen ruwa, bai kai ci ba, kuma haɗarinsa shi ne a zuba ayaba biyu da mangwaro da dabino da madarar gwangwani mai zaƙi a kofi ɗaya a kira shi abin rage ƙiba.

Lemon kwali kuwa sai an juya bayansa. Ƙa'ida ita ce a jera abubuwan da aka haɗa daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Idan ruwa ne na farko, sukari na biyu, ɗan itacen ya zo daga baya, to lemon kwalba ne marar gas, ko da hoton gaban ya kai gonar mangwaro kyau. A duba layin sukari a jadawalin da ke jiki, yawanci na mililita 100 ake rubutawa, sai a ninka da girman kwalin. Abin shan malti da ake kai wa mai jego da marar lafiya shi ma a yi masa wannan dubawa, sau da yawa bai gaza lemon kwalba sukari ba. Gwamnatin Najeriya ta saka harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma naira biyar a kan rabin lita ba ta isa ta sa kowa ya fasa saye ba.

Zoɓo da kunun aya da lemon citta na gida suna da fifiko guda: mai haɗawa ce ke riƙe da cokali. Lissafin mai sauƙi ne. Rabin kilo na sukari a lita biyar daidai yake da lemon kwalba. Rabin kilon a lita goma ya sauko rabi. Idan ana rage shi kaɗan-kaɗan a kowane haɗi, harshen mutanen gida yana sabawa. Sai dai tsamin zoɓo ba ya tafiya don an rage sukari, shi ma a sha shi tare da abinci. Wannan ya fi muhimmanci a watan azumi, lokacin da ake ajiye jug a tsakar gida ana ta kurɓa daga shan ruwa har sahur, sannan a kwanta. Yawu yana raguwa ƙwarai idan mutum na barci, don haka zaƙin da aka kwanta da shi a baki shi ne ya fi kowanne ɓarna.

Ga yara ƙanana maganar ta fi tsanani, don ɓawon haƙoran nono siriri ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a 2017 ta ce kada a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba ruwan 'ya'yan itace sam, daga shekara ɗaya zuwa uku kuma kada ya wuce mililita 120 a rana, kimanin rabin kofi. Hukumomin lafiya na Birtaniya sun tsayar da mililita 150 a rana har ga manya, kuma tare da abinci. Mafi muni shi ne a zuba lemo ko shayi mai sukari a fida a ba yaro ya yi barci da ita a baki. Alamar farko farin layi ne a gindin haƙoran sama na gaba, uwa tana iya gani idan ta ɗaga leɓen yaron a wuri mai haske. Yaro mai gudawa ma ba lemon kwalba ko na kwali yake bukata ba, yawan sukarinsu yana iya ƙara gudawar, ruwan gishiri da sukari na asibiti shi ne nasa. A jakar makaranta, ayaba ɗaya ko yankan gwanda da gorar ruwa sun fi kwalin lemo, wanda yaro zai yi ta tsotsa daga tara har tashi.

To, me telan zai yi? Idan tumbin ne babbar damuwarsa, komawa ruwan lemon da aka matse ba zai canza masa komai ba, sai dai ƙarin kuɗi. Lemo biyu da aka ci da namansu, ko yankan kankana, da ruwan sanyi a gefen keke don ƙishirwa, shi ne zaɓin da zai rage masa kalori kusan ɗari a take, ya kuma sa ya rage wani abu a abincin dare. Domin a gaskiya abin da yake nema da rana tsaka sanyi ne, ba zaƙi ba. Idan kuma ya ce ba zai iya rabuwa da kwalbar gaba ɗaya ba, ya koma ƙarama ta mililita 350, wadda sukarinta ke kusan giram 37, ya sha ta lokaci ɗaya yana cin abinci, da tsinken zuƙa idan akwai, kada ya riƙe ta a baki yana wasa da ita, ya bi da kurkurar ruwa, kuma ba kullum ba. Zugin haƙoran kuwa kada ya jira ya ga rami. Idan ya yi mako biyu zuwa uku da wannan canji da man goge baki mai fulorayid bai ji sauƙi ba, ko zugin ya fara zuwa ba tare da an taɓa sanyi ba, ko yana tayar da shi cikin dare, to ya wuce zaizayar sama, ya je likitan haƙori ya duba masa kafin abin ya kai jijiya.